Yaya zan nuna bambancin "gari" da "gari" a rubutaccen labari?

Jama'a, ina rubuta gajeren labari na yara, na maƙale. Uwa ta ce wa 'yarta Baba ya shiga gari, sai yarinyar ta ruga ta buɗe buhun garin masara tana nemansa. Da baki abin yana ba da dariya, domin wasalin farko na garin tuwo dogo ne, na garin mutane gajere, karin sautinsu kuwa ɗaya. Amma a boko duka "gari" ake rubutawa.

Na gwada "gaari", sai ya zama kamar darasin aji. In bar shi haka, ko in sa kakarta ta ja wasalin tana gyara mata? Wanne ya fi?