An ce in sa shedar da ba ta gaske ba a tallan sabuluna, ku ba ni shawara

Maman Husna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa sabulun salo da kurkur da zuma da man kaɗe, roba ɗaya naira 3,500. Wata 8 ke nan ina yi, ciniki sai a hankali. Wani yaro mai haɗa talla ya ce in ba shi naira 15,000 ya yi min hotunan hirar WhatsApp guda 20 kamar masu saye ne ke yabo, da hoton fuska kafin amfani da bayan amfani, a rubuta "ƙuraje sun ɓace cikin kwana 3". Wai kowa haka yake yi. Sabulun kuwa yana da kyau, ni ma da shi nake wanka. Tunda kayan ba na bogi ba ne, akwai laifi? In da laifi, ta yaya zan jawo mutane?

Abban Khalifa: Wa alaikumus salam. Hajiya kada ki wahalar da kanki. Kasuwa dama da kirari ake cinta. Mai lemo a tasha yana cewa "zaƙi kamar zuma", ba wanda ya taɓa kai shi gaban alƙali. Matuƙar abin da ke cikin robar ba zai cutar da kowa ba, ni ban ga matsala ba.

Anti Bilki: Abban Khalifa, maganarka ta kirari gaskiya ce, amma ba ita ce ta yaron nan ba. Wanda ya ji "zaƙi kamar zuma" ya san mai lemo ne ke yabon kayansa, zai ma iya cewa a yanka masa ɗaya ya ɗanɗana. Hoton hira daban yake. Mace tana duba shi ne don ta ji bakin wadda ba ta da riba a cinikin, wata irinta da ta fitar da kuɗinta ta gwada. In wannan matar babu ita a duniya, to an sayar mata da sabulu ne da shedar zur, ko da sabulun ya fi kowane kyau.

Maman Husna, na yi shekaru a shagon magani kafin in koma gida, don haka bari in tsaya a kan "kwana 3" ɗin nan, shi ya fi tayar min da hankali. Fatar mutum tana ɗaukar kusan wata guda kafin ta sabunta. Ko maganin ƙurajen fuska da likita ke rubutawa, ana gaya wa mutum ya ba shi mako 6 zuwa 8 kafin ya yanke hukunci. Abin da ke lafar da ja da kumburi cikin 'yan kwanaki yawanci man shafawa ne mai sitiroyid, wanda wasu ke matsewa cikin haɗinsu a ɓoye. Da farko fuska ta yi luwai, bayan watanni fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, ranar da aka daina kuma ƙurajen su dawo fiye da da. Na ga mata da yawa sun shigo shago da irin wannan fuskar suna neman abin da zai gyara.

To kin ga inda alkawarin zai kai ki. Sabulunki mai tsafta ba zai yi aikin kwana 3 ba. A rana ta huɗu mai saye za ta turo miki hoton fuskarta ta ce ga shi ba abin da ya canza. Daga nan ko ki mayar da kuɗi, ko ki yi ta ba da uzuri, ko wata ta raɗa miki "ki ɗan ƙara abu kaza a ciki". Da yawa daga masu haɗin da ke ɓata fatar mutane ba da mugun nufi suka fara ba, alkawarin da suka rubuta ne suke neman cikawa.

Sannan ki sani sabulun salo yana da kaifi saboda tokar da ake yinsa da ita. Mai maiƙon fuska takan ji daɗinsa, mai busasshiyar fata kuwa yakan ja mata fuska har ta yi saɓa. Wannan ya kamata ya fito a tallanki.

Ummi Zariya: Don Allah nawa ne roba biyu har da kuɗin mota zuwa Sabon Gari? Kuma yana sa haske?

Maman Husna: Ummi, ba talla na zo yi ba yau, ki yi min magana ta gefe. Amma ba ya sa haske, wanke fata kawai yake yi ya sa ta yi laushi.

Malam Sani: Amsar da kika ba Ummi yanzu, ita ce irin tallan da ake so. Ta ɓangaren addini abin a fili yake. Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Haka kuma ya hana najashi, wato mutum ya zo yana ƙara wa kaya farashi ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi mai saye na gaske ya ga kamar ana rububi. Masu saye 20 na ƙarya aikin da za su yi miki ke nan, su nuna rububin da babu shi. Ki lura, a najashi kayan na iya zama masu kyau, haramcin yana kan ruɗin. Allah ne mafi sani.

Hauwa'u: Ni abin ya taɓa faruwa a kaina, a matsayin mai saye. Bara na sayi man gashi a wurin wata saboda shedu da na gani jere a sitatus ɗinta. Da bai yi min komai ba na koma na duba hotunan da na ajiye, ɗaya bayan ɗaya. Guda shida duk cajin wayar 47 ne a sama, lokacin kuma 9:12 zuwa 9:20 na dare ɗaya. Duk su shidan sun rubuta "gsky anty kayanki duniya ne" da kuskuren rubutu iri ɗaya. Hoton gashin kuwa, na farko an ɗauka a ɗaki mai duhu gashi a cukurkuɗe, na biyu a tsakar gida da rana an taje an shafa mai. Ban yi mata faɗa ba. Na dai tura wa ƙawayena huɗu da muke adashi tare, su ma suka tura gaba. Kuɗin bai dame ni ba kamar yadda na ji an mayar da ni wawiya. Har turarenta da nake saye a da, wanda yake da kyau, na daina.

Anti Bilki: Ga abin da zan yi da ni ce ke. Ki buɗe littafin cinikinki ki ƙirga mutum nawa suka saya a wata takwas ɗin nan. A ce 60 ne. Ki tura wa kowace saƙo iri ɗaya, kada ki zaɓi ƙawayenki kawai: tsawon wane lokaci kika yi amfani da shi, me kika gani, me bai yi miki ba? Ba duka za su amsa ba. A ce 25 suka amsa, 16 suka ce fatarsu ta yi laushi maiƙo ya ragu, 6 suka ce ba su ga bambanci ba, 3 suka ce ya busar musu da fuska. To tallanki ya rubuta kansa: "Na tambayi masu sayena, 25 suka amsa. 16 sun ga sauƙin maiƙo bayan kamar wata guda. In fatarki busasshiya ce, ki yi amfani da shi sau biyu ko uku a mako, ki shafa mai bayansa." Ki ce 16 cikin 25 da suka amsa, kada ki ce "yawancin masu sayena", don ba ki san me ya sa 35 ɗin suka yi shiru ba. Sau da yawa wadda abu bai yi wa ba ita ce ke yin shiru don kunya.

Duk saƙon da za ki sa, ki nemi izinin mai shi, ki rufe suna da lamba, kada ki gyara mata magana. In hoto ne, wuri ɗaya, haske ɗaya, ba hoda, ba tacewar waya, ki rubuta kwanan watan kowanne. Abin da ya fi jan mutane kuma, a ganina, shi ne su ga hannunki yana aikin. Ki ɗauki bidiyo kina narka man kaɗe, kina auna kurkur, kina zubawa a roba. Ki yi ƙaramar roba ta gwaji mai araha, mace ta gwada a bayan kunne ko a damtse kafin ta kai fuska. Naira 15,000 ɗin yaron ta isa ki fara wannan.

Ɗaya kuma, ki guji kalmar "yana magance". Da zarar kin ce yana magance ƙyasbi ko makero, kin fita daga sayar da sabulu kin shiga da'awar magani. Kayan kwalliya ma NAFDAC ce ke musu rajista, ita ce kuma ke ba da izinin tallansu. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ke aiki da ita, ta hana bayanin da ke yaudarar mai saye, sannan tun 2022 hukumar ARCON ce ke sa ido kan tallace-tallace, har da na intanet.

Abban Khalifa: Na karɓi gyara a kan shedar ƙarya. Amma Anti, wa ya taɓa ganin ɗan kasuwa ya rubuta "mutum uku bai yi musu ba"? Ta sa masu kyau na gaske kawai ta yi shiru a kan sauran. Ai ba ƙarya ta yi ba.

Anti Bilki: Shidan da ba su ga bambanci ba, zan iya yi maka shiru a kansu in dai ba ta ce "kowa" ba. Ukun da ya busar wa fuska ne ba za a ɓoye ba, don ta huɗu na nan tafe da irin fatarsu.

Maman Husna: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gaya wa yaron na fasa. Na duba littafi, mutum 52 ne, na fara tura musu tun ɗazu. Wata ma ta amsa ta ce ƙamshinsa ya yi mata ƙarfi, abin da ban taɓa sani ba. Saura tambaya ɗaya: in na ce duk wadda ta turo min bayaninta zan rage mata naira 500 a saye na gaba, shi ma ya zama sayen sheda?

Malam Sani: In ragin na kowa ne, mai yabo da mai kushe, kuma kin faɗa musu haka tun farko, ban ga laifinsa ba.

Hauwa'u: Ni kam ina da ja, Malam. Mu matan nan, wadda aka rage wa kuɗi nauyi zai hana ta faɗin aibu, ko an ce ta faɗa. In za ki yi, ki rubuta a ƙasan shedar cewa an yi mata ragi, mu masu karantawa mu auna da kanmu.

Maman Husna: To bari in ga mutum nawa za su amsa ba tare da ragin ba tukuna. Zuwa Juma'a zan kawo muku lissafin.