Lissafin injin shinkafarmu ya ƙi daidaita

Mai tambaya, daga Argungu: Assalamu alaikum. Ni da yayana muna da injin gyaran shinkafa, banki ya ce mu kawo balans-shit, wato takardar abin da muka mallaka da abin da ake bin mu, kafin a duba zancen rance. Na rubuta abin da muka mallaka: kuɗi ₦600,000, shanshera buhu 40 da muka saya ₦1,800,000, bashin da muke bi ₦400,000, inji ₦3,000,000 kamar yadda muka saye shi shekara 2 da suka wuce. Jimla ₦5,800,000. Manoma suna bin mu ₦700,000, ƙungiyarmu ₦1,000,000, jarin da muka zuba ₦3,200,000. Nan kuma ₦4,900,000. Ina ₦900,000 ta shiga? Ku taimaka don Allah.

Mai shagon taki, Jega: Wa alaikumus salam. Ai ribarku ce, Malam. Ka rubuta ta a ƙarƙashin jari, ɓangarorin biyu su zo daidai, ka kai musu.

Tsohon akanta, Birnin Kebbi: Alhaji ya nuna wurin da riba take zama, amma kada ka cike gurbin da wannan adadin tukuna, ɗana. Takardar hoton kasuwancinku ce a rana guda. Gefe ɗaya kadarori, wato abin da ke hannunku. Ɗaya gefen yana faɗin masu haƙƙi a kansu: masu bin ku bashi tukuna, abin da ya saura shi ne naku. Saboda haka in ka kumbura kadara, rabonku ya kumbura a takarda kawai.

Injin nan shi ya fi damuna. Ƙarfen da ya shekara 2 yana cin ƙurar ɓuntu ba sabo ba ne. In kuna ganin zai yi muku shekara 10, kowace shekara yana cinye ₦300,000 daga darajarsa. Cire ₦600,000, ka rubuta shi ₦2,400,000. Kadarorinku sun dawo ₦5,200,000. Wajen jerawa kuma ka ware kuɗi, shanshera da bashin da kuke bi a rukuni ɗaya, don su ne ke juyawa cikin shekara, inji shi kaɗai a nasa. Haka ma bashi: na manoma da za a biya kwanan nan daban, na ƙungiya daban in wa'adinsa ya haura shekara. Tambaya ɗaya: a cikin ₦600,000 ɗin, akwai kuɗin wani da ba ku ba shi kayansa ba?

Mai tambaya: Akwai, Baba. Wani ɗan kasuwa ya bar ₦200,000 kafin alƙalami, sai mako mai zuwa za mu loda masa.

Tsohon akanta: To bashi ne a kanku har ranar da shinkafar ta hau mota. Ana bin ku ₦1,900,000 ke nan. Cire shi daga ₦5,200,000, naku ₦3,300,000. Kun zuba ₦3,200,000, ƙarin da ya zauna a kasuwancin ₦100,000 ne kawai.

Kada gabanka ya faɗi, ba ina cewa ribar shekara 2 ke nan ba. Ɗauko littafin ciniki ka fitar da ribar gaba ɗaya bayan an cire lalacewar inji, sannan ka tara duk abin da kai da yayanka kuka ɗiba: cefane, kuɗin makaranta, ragon layya, har buhun da aka kai gida. In riba ₦1,500,000 ce kuka ɗebi ₦1,400,000, lissafi ya hau. In bai hau ba, akwai abin da ba a rubuta ba, kuma galibi a ɗiban gida ake samunsa.

Mai sayar da atamfa, Gusau: Ni abin da ya ci ni bashin da nake bi ne. Shekara 3 ina rubuta kuɗin wata mata cikin dukiyata, alhali ta bar gari tuntuni. Ƙanena, ka bi ₦400,000 ɗin nan mutum-mutum, wanda ka san ba zai fito ba ka cire shi.

Wani manomi, Suru: Ni ban gane ba, shanshera ta tashi tun bayan kaka. Me zai hana ya sa farashin yau? Ai haka muke yi wajen fitar da zakka.

Tsohon akanta: Zakka da nata hukuncin, malamai za ka tambaya. A wannan takardar kuɗin saye ake sawa, sai in farashi ya faɗi ƙasa da shi, ko danshi ya taɓa buhunan, a sauko da shi. Ba a rubuta ribar kayan da ba a sayar ba.

Manomin: Yallaɓai, in ya faɗi a rage, in ya tashi a ƙyale? Ni dai ban gamsu ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Saura rumfar da injin yake ciki, filin gadonmu ne da ba a raba ba, har da ƙannenmu mata. Na bar shi a waje tukuna, sai na zauna da yayana yau da dare.