Neman shawara: v = 325 sin(314t) ya ɗaure min kai

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba mu `v = 325 sin(314t)`, aka ce mu fitar da ƙololuwar boltej, da firikwensi, da kuma nawa ne boltej ɗin a lokacin da t take milisakan 2. Na rubuta ƙololuwa 325, firikwensi 314, na ukun kuma kalkuleta ta ba ni 3.56. An ci ni gyara a biyu daga ciki amma ba a nuna min inda na kauce ba. Don Allah a taimaka.

Ɗan aji uku:
Wa alaikumus salam ƙanena. Firikwensin ne kuskurenka na farko, sai ka raba 314 da 2π tukuna, zai ba ka 50. Na biyu kuwa ina ganin ƙololuwar ce. A wutar AC kullum sai an ninka da 1.414 kafin a samu ƙololuwa, don haka 325 sau 1.414, wajen bolt 460 ke nan.

Malamin lantarki:
Ɗan aji uku, a firikwensi ka yi daidai, amma 460 ɗin nan a janye ta, kada yaro ya ɓata amsar da ya riga ya ci. Ƙololuwarsa 325 ce, kuma daidai take.

Dalili kuwa yana cikin sin ɗin kanta. Ko wace kusurwa ka ba ta, abin da za ta mayar maka ba ya haura 1, ba ya kuma gangarawa ƙasa da −1. To idan mafi girman abin da za a ninka 325 da shi 1 ne, ta ina boltej zai bi ya kai 460? Lambar da ke tsaye a gaban sin ita ce ƙololuwa, ba ta bukatar a ƙara mata komai. Ninkawa da 1.414 tana da wurinta, amma sai in lambar da aka ba ka daga mita aka karanto ta, wato ƙimar rms. A nan tafiyar ta baya ce: 325 sau 0.707 zai ba ka kusan 230, abin da mita za ta nuna ke nan in ka ɗora ta a kan wannan wutar.

Yanzu 314. Ka ɗauka akwai wani hannu, kamar na agogo, yana kewaya da'ira, tsawonsa 325, kuma boltej a kowane lokaci shi ne nisan kan hannun daga layin tsakiya, sama ko ƙasa. 314 ita ce saurin kewayawar hannun, radiyan nawa yake ci a sakan ɗaya. Zagaye ɗaya cikakke radiyan 2π ne, wato 6.283. Kai kuwa an tambaye ka zagaye nawa yake kammalawa a sakan, shi ya sa ake rabawa:

```
ω = 2πf
f = 314 / 6.283 ≈ 50 Hz
T = 1/f = 0.02 s
```

Ka riƙe T ɗin nan da kyau, domin da ita za ka riƙa kama kanka in ka yi kuskure. Zagaye ɗaya milisakan 20 ne. Boltej yana tashi daga sifili, a milisakan 5 ya kai ƙololuwa, a 10 ya dawo sifili, a 15 ya kai −325, a 20 ya sake dawowa inda ya faro. Milisakan 2 kuwa ka kusa rabin hanyar hawa ke nan. Tun kafin ka taɓa kalkuleta ya kamata zuciyarka ta ƙi yarda da 3.56, don wanda ya ci kashi biyu cikin biyar na lokacin hawa zuwa 325 ba zai kasance yana nan a gindin tudu ba.

Abin da ya faru shi ne kalkuletarka tana kan `DEG`. 314 sau 0.002 ya ba ka 0.628, kuma wannan radiyan ne. Ita kuwa ta ɗauka digiri 0.628 kake nufi, kusurwar da ko digiri ɗaya ba ta kai ba, sai ta ba ka 0.01096, ka ninka da 325 ka samu 3.56. Mayar da ita `RAD` ka sake:

```
sin(0.628) = 0.5875
v = 325 × 0.5875 ≈ 191 V
```

Mai tambaya:
Na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Na canza zuwa `RAD`, amma a karon farko sai ta ba ni −101.8, sai da na sake bugawa na ga 191. Me ya jawo wancan?

Malamin lantarki:
2 ka buga a madadin 0.002, na tabbata, domin 314 sau 2 shi ne 628, kuma sin ɗin radiyan 628 in an ninka da 325 shi ke ba da −101.8. A cikin wannan lissafin t da sakan ake sa ta, don haka milisakan sai an raba da 1000.

Amma wannan kuskuren naka akwai abin lura a cikinsa. A sakan 2 wutar 50 Hz ta kammala zagaye 100 cif, ya kamata amsa ta zama sifili. Me ya sa aka samu −101.8? Saboda 314 ɗin an yanke mata wutsiya ne, ainihinta 100π ce, wato 314.159. Ɗan guntun 0.159 da aka zubar ba ya komai a milisakan 2, amma yana taruwa da tafiyar lokaci, kafin sakan 2 ya zama radiyan 0.318, sama da digiri 18. Don haka in t ta yi tsawo, ka yi amfani da maɓallin π na kalkuleta, ka bar 314.

'Yar koyon injiniya:
Ni hanyar da ta fi min sauƙi ita ce in bar radiyan gaba ɗaya. Tunda zagaye ɗaya digiri 360 ne kuma yana cin milisakan 20, kowane milisakan ɗaya digiri 18 ne. Milisakan 2 digiri 36 ke nan, sin 36° kuma 0.5878, sau 325 ya ba da 191. Amsa ɗaya, kuma kalkuleta tana zaune a `DEG` ɗinta. Ka dai tuna 18 ɗin ta 50 Hz ce kaɗai, a 60 Hz digiri 21.6 ne.

Amfaninta shi ne kana ganin inda kake a cikin zagayen. In aka ce milisakan 12, digiri 216 ne, ka san ka tsallake 180, to dole amsa ta zo da alamar ragi, −191. Kada ka goge alamar kana zaton kuskure ce, tana nuna maka wutar ta juya fuska ne a wannan rabin.

Kafin kowace jarrabawa kuma ka buga `sin 30`. In ta ce 0.5 tana kan digiri, in ta ce −0.988 tana kan radiyan.

Mai gyaran caja:
Malamai, tunda ana maganar ƙololuwa bari in jefo tawa. Akwai taransifoma a gabana an rubuta mata 12 V. Na haɗa mata dayod huɗu da kafasita, sai mita ta nuna 17 da 'yan kai a DC, kafasitar 16 V da na sa kuma har kanta ya fara kumbura. Taransifomar ce ta lalace ko kuwa mitar ce ke min ƙarya?

Malamin lantarki:
Babu wadda ta lalace, Malam. 12 ɗin da aka rubuta rms ce, kuma nan ne lissafin Ɗan aji uku yake aiki: 12 sau 1.414 ya kai kusan 17. Kafasita ba ruwanta da rms, tana cika ne har zuwa ƙololuwa, in babu abin da ke jan wuta ta tsaya a can. Dayod biyu da wuta ke bi ta cikinsu a kowane rabin zagaye sukan rage wajen bolt 1.4 in akwai lodi, amma ƙananan taransifoma sukan ba da fiye da abin da aka rubuta musu in ba a ɗora musu komai ba, shi ya sa ka ga ta haura 17. Cire wadda ta kumbura, ba ta sake komawa daidai, ka sa ta 25 V, ka kuma duba ƙafar ragi ta zauna a wurinta.

Ɗan aji uku:
Na karɓi gyara Malam. To in tambayar ta zo da ƙari a cikin baka, kamar `v = 325 sin(314t + 30°)`, ai sai a haɗa su kawai ko?

'Yar koyon injiniya:
Nan ne mutane da yawa suke zamewa, Yaya. 314t radiyan ce, 30 digiri ce, ba a haɗa su sai an mayar da su jinsi ɗaya. In ka tara 0.628 da 30 kai tsaye za ka samu 30.628, a kan `DEG` amsa ta fito 165.6, kuma abin haushin shi ne lambar tana kama da ta gaskiya, ba kamar 3.56 da ke tona kanta ba. Daidai shi ne 36° da 30° su zama 66°, sin ɗinta 0.9135, boltej kusan 297. Ƙarin ba ya taɓa ƙololuwa ko firikwensi, wurin farawa kawai ya gusar, a t = 0 wutar ta riga ta kai 162.5.

Akwai kuma tambayar da ake juyawa, a ce yaushe boltej ke kai 162.5 a lissafin farko. Rabin 325 ne, kalkuleta za ta ce 30°, wato milisakan 1.67. Amma wannan ta hawa ce kawai. A saukowa ma ana sake ratsa 162.5 a 150°, milisakan 8.33, kuma kalkuleta ba za ta faɗa maka wannan ba, sai ka cire 30 daga 180 da kanka.

Mai tambaya:
Yanzu na gane. Saura abu ɗaya: in na raba 314 da 2π sosai, 49.97 nake samu. Wanne zan rubuta, shi ko 50?

Malamin lantarki:
50. Duk wanda ya rubuta 314 a tambayar wutar AC 100π yake nufi.

'Yar koyon injiniya:
Malam, da girmamawa, ni zan rubuta 49.97 tukuna sannan in ce kusan 50 Hz. Abin da aka ba shi a takarda 314 ne, kuma ba kowane mai duba takarda ne yake yarda a sauya masa lamba ba tare da an nuna masa matakin ba.

Malamin lantarki:
Ba laifi ya nuna matakin. Sai dai in akwai tambaya ta gaba da ke bukatar T, da 50 zan so ya ci gaba, don milisakan 20 ta fito masa cif. Ya tambayi malaminsu wanne yake so a gani a layin ƙarshe.