Kyamara tana fizga a tsakiyar hanya a Timeline, wa ya taɓa gani?

Sabon shiga: Salamu alaikum. Ina haɗa ɗan gajeren fim na daƙiƙa 6 a cikin gem ɗina da Unity da Cinemachine 2. Kyamara na kan `Tracked Dolly`, hanyar tana da zango huɗu. Na sa `Path Position` 0 a farko, 3 a ƙarshe. Sai ta taso a hankali, ta fizga a tsakiya, ta sake lafawa. Me ke kawo haka?

Mai zane: Wa alaikumus salam. Ni da na ga irin wannan, `Damping` na ƙara, motsin ya yi laushi.

Tsohon hannu: 'Yar'uwa, wannan rufe matsalar yake yi, ba ya cire ta, kuma kyamara za ta riƙa isa wurin tsayawarta a makare. Ɗan'uwa, duba `Position Units`. Ina kyautata zaton yana kan `Path Units`, inda lambar ke ƙirga zango, ba nisa ba. A ce tsakanin zangonninka akwai mita 2, mita 10, da mita 3. Idan lambar na ƙaruwa da gudu ɗaya, kowace gaɓa za ta ci daƙiƙa 2 daidai, wato mita 1 a daƙiƙa, sai 5, sai 1.5. Ka ga inda fizgar ta fito. Mayar da shi `Distance`, ka sa 0 zuwa 15, a irin wannan lissafin za ta tafi mita 2.5 a daƙiƙa tun daga farko har ƙarshe. Ni na fi son `Normalized`, 0 zuwa 1, domin ko na tsawaita hanyar daga baya ba sai na taɓa lambar ƙarshe ba.

Sabon shiga: Malam, na sa `Normalized`, yanzu kuma tun wajen daƙiƙa 2 ta kai ƙarshe ta tsaya cak.

Tsohon hannu: Tsohuwar lambar 3 tana nan a `Animation Track`, sauya ma'auni ba ya gyara abin da ka riga ka ɗauka. Mayar da ita 1. Ka buɗe lanƙwasar motsin ma ka duba, don ita ce ke sa tashi da tsayawa su yi laushi. Wannan kam ka bar shi, kyamara mai tsayawa farat ɗaya ba ta da daɗin kallo.

Ɗan Blender: Ni a `Follow Path` nake kunna `Fixed Position` in motsa `Offset Factor`.

Mai zane: Unity ake magana, Yaya, amma dabarar ɗaya ce.

Sabon shiga: Gudun ya daidaita, na gode. Saura idan ta zo wucewa dab da abin da ke `Look At`, sai ta juya da ƙarfi.

Mai zane: Ni nesanta hanyar nake yi da shi.

Tsohon hannu: Ni kuma wani abu marar siffa nake ba ta ta kalla, in motsa shi daban. Nisa nawa ne tsakaninsu a wurin?