Oga ya ja min layi a ƙarƙashin jimlata, kuma ban ga laifinta ba

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sakatariya ce ni a wani ofis a nan Kano. Jiya na tura wa oga imel, a ciki na rubuta "I wonder when will the meeting start". Da ya buga takardar sai ya ja jan biro a ƙarƙashi, ya mayar da ita "I wonder when the meeting will start", bai ce min komai ba. Ni kuwa tun a sakandare abin da aka koya mana shi ne in tambaya ce, will ke riga suna zuwa. Ga sauran abin da na rubuta, duk ya ja musu layi:

1. Please let me know where is the venue.
2. Can you tell me how many people are we expecting?
3. I don't know why did they change the date.
4. I want to ask that will the chairman attend.

Don Allah wanda ya sani ya warware min, saboda kullum sai na rubuta irin waɗannan, kuma abin ya dame ni.

Abba Na'ibawa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ina ganin wonder ɗin ce ba ta yi masa ba. Ba a ce wa na gaba I wonder, kamar kina gunaguni ne. Ki riƙa cewa "kindly inform me".

Malam Garba Zariya:
Wa alaikumus salam. Abba, da wonder ce matsalar ai da ita zai goge, sai ga shi ya bar ta, will kawai ya ɗaga. Ko da ta rubuta "kindly inform me when will the meeting start", jan biron nan dai zai hau.

Maman Ilham, abin da aka koya miki daidai ne, rabinsa ne aka bari. Shekara 19 ina koyar da Turanci a sakandare, kuma na lura wanda ya iya tambaya da kyau shi ne ya fi faɗawa wannan ramin, don hannunsa ya riga ya saba.

Bari mu fara da Hausarmu, domin amsar tana cikinta. In kin tsaya gaban oga za ki ce: "Yaushe za a fara taron?" Amma in kina ba wa wata labari sai ki ce: "Ban san lokacin da za a fara taron ba." Duba abin da bakinki ya yi ba tare da kin yi tunani ba. Yaushe ta koma lokacin da. Haka "Ina ya tafi?" ke komawa "Ban san inda ya tafi ba", "Me ya ce?" ta koma "Faɗa min abin da ya ce", "Yaya aka yi?" ta koma "Nuna min yadda aka yi". Ke nan mu ma muna bambanta tambayar da ke tsaye da ƙafarta da wadda aka goya a bayan wata magana. Mu kalmar tambayar muke sauyawa. Bature kuwa when ɗinsa when ce a duka biyun, where ma haka, saboda haka sai ya nuna bambancin da jerin kalmomi. In tambayar ita kaɗai ce, will ko can ko is su tsallako gaban sunan: "When will the meeting start?" In an goya ta, kowa ya koma mazauninsa kamar a zance na yau da kullum: the meeting will start, sai a manna when a gaba.

To ga gwajin da nake ba ɗalibaina. Ki faɗi jimlar da Hausa a zuciyarki. In lokacin da, ko inda, ko abin da, ko yadda, ko dalilin da ya sa ta shiga ta zauna daram, to ki rubuta abin da ke bayan when ko where kamar amsa kike bayarwa.

Mu ɗauki taki ta farko. "Ki sanar da ni inda wurin taron yake." Inda ta shiga. Amsar za ta fara ne da "the venue is", don haka: "Please let me know where the venue is." Na san is a ƙarshen jimla tana yi wa kunne wani iri, kamar an yanke magana. Ba a yanke ba, nan ne gidanta.

Ta biyu ita ce ta fi rikita mutane, saboda akwai alamar tambaya a ƙarshe, kuma daidai ne ta kasance. Amma wace ce tambayar? "Can you tell me" ita ce tambayar, kuma ta riga ta yi juyinta, can ta riga you. Abin da ya biyo baya kaya ne ta ɗauko, ba ya sake juyawa. "Can you tell me how many people we are expecting?" Juyi ɗaya ya ishi jimlar. Ita kuwa wadda ta fara da I wonder, aya ake sa mata a ƙarshe, domin kina faɗin abin da ke ranki ne.

Ta uku tana da ƙarin aiki. Did ɗin nan ba ta da wata sana'a sai taimaka wa tambaya ta juya. Da zarar an goya tambayar, aikinta ya ƙare, sai ta fita. Amma ita ke riƙe da alamar cewa abin ya wuce, don haka in za ta fita sai ta miƙa wa change wannan alamar: "I don't know why they changed the date." Nan ne yara ke zubar da maki. Su cire did su bar change tsirara, su rubuta "why they change the date", gyara ya zama wata ɓarnar. Haka does: "What does he want?" tana komawa "I don't know what he wants", da s a ƙarshe.

Ta huɗu babu when babu where, tambayar e ko a'a ce. Da Hausa za ki ce "ina so in tambaya ko ciyaman zai zo". Wannan ko ɗin ita ce if ko whether. That ba ta da wuri a nan, ina jin daga "cewa" ta biyo ki. "I want to ask whether the chairman will attend."

Sadiya Kaduna:
Malam Allah ya ƙara basira. Ni a taƙaice yadda na haddace shi lokacin da zan sake WAEC: in dai when, where, who, what suna tsakiyar jimla, haramun ne will ko is su bi bayansu kai tsaye. Bai taɓa ba ni kunya ba.

Malam Garba Zariya:
Amin 'yata, amma zai ba ki kunya wata rana. Gwada shi a kan "I wonder who will chair the meeting". Will ta bi who kai tsaye, kuma jimlar lafiyarta ƙalau, ba ma yadda za a yi a jera ta daban. Dalili, who ɗin ita ce mai aikin. Amsar ita ce "Musa will chair the meeting", who ta zauna a kujerar Musa, babu wani suna da will ta tsallake. Haka "Tell me what is wrong" da "I don't know what happened". Abin dubawa shi ne ko will ta sha gaban mai aikin. In akwai suna a bayanta wanda shi ke aikin, kamar the meeting ko they, to an juya.

Issoufou Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni da Faransanci na yi lakwal, Turanci a kasuwanci na tsince shi, tsakanin Maraɗi da Kano. Tawa matsalar kishiyar ta Hajiya ce. Wani ya taɓa yi mani irin wannan gyara, tun daga nan na daina juyawa gaba ɗaya, nake rubuta wa masu kawo mani kaya "When the goods will arrive?" Sai ɗana ya ce wannan ma kuskure ne. To wanne zan kama?

Malam Garba Zariya:
Ɗanka ya yi gaskiya Alhaji. Taka ba a goya ta a bayan komai ba, don haka dole ta juya: "When will the goods arrive?" In kana son ladabi ka ɗora mata kai, sai ta miƙe: "Please tell me when the goods will arrive." Ka duba farkon jimlar kawai. In when ce kalmar farko, kuma tambaya kake, juya.

Injiniya Bello:
Malam ina da ja kaɗan. Na yi shekara huɗu ina aiki da Indiyawa da wani ɗan Ailan a wata masana'anta, kuma wallahi kullum sai na ji irin "I wonder when will he come" a bakinsu. Shi ɗan Ailan ɗin Turanci ne harshen da ya tashi da shi. Ya za a ce ya yi kuskure a harshen uwarsa? Ni ina ganin ogan nata tsanani ne kawai.

Malam Garba Zariya:
Abin da ka ji gaskiya ne Injiniya, ba kunnenka ba ne. A Turancin Ailan wannan jerin sananne ne a magana, a Indiya ma haka, har da karin wasu baƙaƙen fatar Amurka. A can ba kuskure ba ne, kari ne, kamar yadda Basakkwace zai ce shi tai inda Bakano zai ce ya tafi. Sannan a baki mutum na iya cewa I wonder, ya ɗan tsaya, ya jefo tambayar kai tsaye. A rubuce wannan sai an sa waƙafi da alamar tambaya: "I wonder, when will the meeting start?" Amma wasiƙar ofis da takardar jarrabawa da daidaitaccen Turanci ake auna su, kuma a nan wanda oga ya rubuta shi ne karɓaɓɓe.

Inda ni kaina nake sassautawa shi ne in abin da ya biyo is ya yi tsawo. "Please tell me what is the best way to send these files to the Abuja office before Friday." In ka bi doka ka kai is can ƙarshe bayan Friday, jimlar ta yi nauyi, kuma na sha ganin ƙwararrun marubuta sun bar ta a gaba. Wani abokin aikina har yau jan biro yake sa mata, mun yi musu a ɗakin malamai ba sau ɗaya ba. Ni nakan ce wa yaro ya kauce wa rigimar ya rubuta "Please tell me the best way to send these files".

Injiniya Bello:
To ai ka ga, ku malaman ma ba ku daidaita ba. Ni dai har yanzu ina ganin in an fahimce ka an gama.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, musamman Malam Garba. Gwajin inda da lokacin da ya shige ni. Yanzu na buɗe tsofaffin imel ɗina na wannan watan, na sami guda bakwai masu irin wannan, biyar daga cikinsu da where is. Amma Malam ga wata ta tsaya min. Zan rubuta rahoton zaman jiya, cewa oga ya tambayi lokacin da za a fara taron. "He asked when the meeting will start" zan sa, ko would? Taron dai sai ranar Alhamis mai zuwa.

Malam Garba Zariya:
Jerin kin same shi, madalla. Tunda Alhamis ba ta zo ba, duka biyun sun halatta. A rahoton da za a ajiye a fayil a karanta bayan wata uku, ni would zan sa.