Shawarwari a zaure: yadda ake sharhin dakatawa da shiru a rubutaccen wasan kwaikwayo

Rukayya: Salamu alaikum jama'a. Tambayar da aka ba mu ita ce yadda marubuci ya yi amfani da shiru wajen fito da dangantakar uba da 'yarsa. Na rubuta cewa "dakatawar tana sa zullumi a zuciyar mai kallo", malami ya ja layi ya ce bai isa ba. Me ya rage?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Abin da ya rage shi ne jumlar taki za ta hau kan kowace dakatawa a kowane wasa, don haka ba ta ce komai game da wannan ba. Bari in ƙirƙiro ɗan guntun misali mu yi aiki a kai:

UBA: Wa ya buɗe wasiƙar?
'YA: (tana goge tebur) A buɗe ta zo.
(Dakatawa.)
UBA: A buɗe ta zo.
(Shiru. Ta ci gaba da goge inda ta riga ta goge.)
UBA: Kawo min ruwa.

Kafin ki rubuta komai, ki duba layin da ya gabaci dakatawar da wanda ya biyo ta. Wa ya kamata ya yi magana a nan? Wa ya katse shirun? Da aka koma magana, batun ne ya ci gaba ko an sauya? A dakatawa ta farko, uban ne ke da bakin magana, shi ne kuma ya jinkirta. Ya ba ta dama ta gyara zancenta, ba ta gyara ba, sai ya maimaita kalmominta ba tare da alamar tambaya ba. A shiru na biyu kuwa nauyin amsa ya koma kanta, ta ƙi ɗauka, shi kuma ya bar zancen wasiƙa ya nemi ruwa. Kin ga gibi biyu ne, aikinsu daban: na farko na uban ne, na biyu nata ne.

Bashir: Ai abin a fili yake, Malam. Shiru ma magana ce. Tunda ta yi shiru ta amsa laifi ke nan. Rukayya ki rubuta haka kawai.

Malama Hadiza: Bashir, ka kama rabi. Shirun yana magana, amma matanin bai ce ita ta buɗe ba. Yana iya yiwuwa wani take rufa wa asiri. Idan Rukayya ta rubuta "ta yi shiru saboda ita ta buɗe", ta shiga zuciyar 'yar ba tare da hujja ba, mai duba takarda kuma zai tambayi inda ta samo. Abin da ke hannunta shi ne abin da ake gani: hannu yana goge wurin da ya riga ya fita tas. Aikin ya ƙare amma ba ta daina ba, domin in ta daina dole ta ɗago ta dube shi. Wannan za a iya karewa daga shafin. Sai a yi amfani da kalmomi irin "yana nuni da" ko "yana sa mai kallo ya yi zargin", a nuna cewa shakkar da marubucin ya bari da gangan ita ce ma'anar.

Rukayya: Malama, to yaya sakin layin zai kasance? Nawa zan ɗauko daga matanin?

Malama Hadiza: Kaɗan. Layin da ya gabata, umarnin da marubuci ya sa a cikin baka, wato dakatawar ko shirun, da layin da ya biyo. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauko kalmar "Shiru" ita kaɗai a yi ta sharhi a kai, alhali ba ta da abin faɗa sai an ga abin da ke gefenta. Ga yadda zai iya zama: "Bayan uban ya maimaita 'A buɗe ta zo', marubucin ya sa shiru, ya kuma ba 'yar aikin da ba shi da amfani, wato goge inda ta riga ta goge. Mai kallo yana jiran ta kare kanta, sai ya ga hannu yana motsi baki a rufe. Da uban ya ce 'Kawo min ruwa', bai janye tuhumar ba, ya dai mai da ita umarni, wanda ke nuna cewa a tsakaninsu iko yake cike gurbin da gaskiya ta bari." Jumla ta ƙarshe ce ke ɗaure gurbin da tambayar da aka ba ki. In babu ita, bayanin fitowa kika yi, ba sharhi ba.

Malam Sabo: Ƙari a kan na Malama: akwai gwajin cirewa. Ki karanta layukan da ƙarfi ba tare da dakatawar ba. In an cire su a misalin nan, "A buɗe ta zo" na biyu yana iya zama amincewa, neman ruwan kuma ƙishirwa ce kawai. Abin da ya ɓace da kika cire, shi ne aikin dakatawar, shi za ki rubuta. In kin cire babu abin da ya sauya, ki bar ta, ba kowace ce ta cancanci sakin layi ba. Gurbi biyu ko uku da aka bi sosai sun ishi maƙala guda, musamman in ɗaya daga farkon wasa yake ɗaya daga ƙarshe, don a ga ko mai yin shirun ya sauya.

Auwal: Ni na ɗauka dakatawa daƙiƙa uku ce, shiru kuma goma. Ba sai a rubuta haka ba?

Malam Sabo: A'a, Auwal. Sai fa in marubucin ya faɗi tsawon da kansa, in ba haka ba wannan shawarar darakta da 'yan wasa ce. Amma ka yi daidai da ka raba su. Harold Pinter, marubucin wasan kwaikwayo ɗan Ingila, ya shahara da bambanta abu uku a rubutunsa: ɗigo uku na ɗan inda-inda a cikin zance, dakatawa inda tunani ke ci gaba a ƙasa, da shiru inda zancen ya yanke gaba ɗaya. Sai dai ba kowane marubuci ke bin wannan tsari ba. Ka ƙirga a wasan da ke gabanka. In dakatawa ta cika ko'ina amma shiru sau ɗaya ya zo, wannan ɗayan shi ne wurin tsayawa.

Zainab: Shawarata a nemi inda umarni ya ƙaryata magana, can ne maki yake. A Waiting for Godot na Samuel Beckett, wanda aka fara nunawa a Paris a 1953, kashi na ɗaya da na biyu duk sun ƙare da an ce a tafi, umarnin kuma ya ce ba su motsa ba. Mai karanta zance kaɗai zai ɗauka sun tafi. Sannan a kula da bugun da ake riƙe da shi. A wasannin Shakespeare umarnin asali kaɗan ne, da yawa editoci suka ƙara daga baya, galibi cikin baka mai kusurwa. Kada a ce "marubucin ya nufa" a kan abin da ba shi ya sa ba.

Bashir: To in mutum ya kalli wasan a dandamali, 'yar wasan ta yi kuka a lokacin shirun, ba zai kawo wannan hujja ba?

Zainab: Ni ina ganin zai iya, in ya faɗi ƙarara cewa zaɓin waccan 'yar wasa ce, ya kuma nuna wata hanyar da za a iya yin wurin.

Malama Hadiza: Ban yarda sosai ba, Zainab. In tambayar a kan matani take, kukan da ba ya shafi yana cinye wurin da ya kamata a ba abin da ke shafi, kuma ɗalibai kan zarce su yi ta ba da labarin abin da suka kalla. Jumla ɗaya, wataƙila.

Rukayya: Na gode ƙwarai. A nawa wasan uwar ma tana ɗakin, ba ta ce uffan ba duk fitowar. Ita ma a sa ta?

Malam Sabo: Ki fara duba ko an rubuta fitarta. In ba a rubuta ba, tana nan tsaye tana ji, kuma duk abin da uban ya faɗa a gabanta ya faɗa. Ki koma inda aka shigo da ita, ki ga a ina aka ajiye ta, kusa da wa, sannan ki duba abin da ta fara faɗa a fitowa ta gaba.