Tallan gyaran waya a gurup ɗin unguwa: a duba min

Mai tambaya: Salam. Na yaye daga wurin ogana a kasuwar waya ta Farm Centre, na kafa teburi a unguwarmu. Ga abin da zan tura gurup: "Muna gyara kowace irin waya cikin rahusa, har da cire fasuwod." Ya yi ko da gyara?

Tsohon mai gyara: Ƙanena, fara goge maganar fasuwod. Wayar da aka kawo a kulle da asusun Google na wani, ba kwali ba rasit, sau da yawa ta ƙwace ce, kuma ranar da aka biyo sawunta a teburinka za a tsaya. "Kowace irin waya" ma cire ta, sai dai in kana aikin bodin iPhone, wato injin cikinta. Mutum ciwon wayarsa yake nema a cikin talla, don haka faɗi ciwon da bakinsa:

"Salam jama'ar unguwa. Ina gyaran Tecno, Infinix, Itel, Redmi da Samsung: fasasshen sikirin, waya ba ta caji, batir mai kumburi, ba a jin magana. Dubawa kyauta, kuma sai mun yi ciniki zan buɗe ta. A gabanka zan yi aikin, in ba ka kayan da na cire. Ina kusa da masallacin Juma'a, 9 na safe zuwa magariba."

Sai ka sa lambarka a ƙasa. In ya yi tsawo da yawa WhatsApp zai datse shi, kuma ba kowa ke danna "Read more" ba.

Wata Hajiya: Wannan "a gabanka" shi ne maganar. Mu mata hotunanmu muke ji, ɗana. Ƙara cewa a cire layi da memori kafin a miƙo waya, don yawanci yara muke aikowa.

Wani ɗan kasuwa: Ni dai talla ba farashi ban karanta ta. Sa kuɗin komai.

Tsohon mai gyara: Alhaji, na bakin caji zai iya sawa, na sikirin kuwa a'a. Kuɗinsa na bin dala, kuma waya ɗaya tana da orijina da kwafi. Samsung mai karanta yatsa a jikin gilashi, in ka sa mata kwafi mai arha, yatsan ya daina aiki, hasken ma ya dusashe. Ka rubuta farashin kwafi, mai waya ya zo da zaton orijina, rigima ke nan a unguwar da kake kwana.

Ɗan kasuwa: Duk da haka ko "daga kaza" a rubuta.

Wani matashi: Oga, tawa ta faɗa bokiti jiya, na binne ta a shinkafa. In jona caji?

Mai tambaya: Kar ka jona, kar ka kunna, shinkafa ba ta hana tsatsa. Kawo a buɗe a wanke bodin yau. Garanti fa, in rubuta ko in bari sai an zo?

Hajiya: Ka fara tambayar admin dai, namu goge talla yake in ba ranar Juma'a ba.